Yadda Ake Shirya Takardar Lodin Jirgin Ruwa, a Duba Ta, a Karɓi Kaya da Ita

Takardar lodi ita ce wadda kamfanin jirgin ruwa ke ba wanda ya tura kaya bayan ya karɓi kayan daga hannunsa. A samanta za ka ga an buga Bill of Lading, a wasiƙun kamfanoni da na bankuna kuma B/L kawai suke rubutawa. Aiki uku take yi a lokaci guda. Rasit ce da ke shaida abin da jirgi ya karɓa da halin da ya karɓe shi. Shaida ce ta yarjejeniyar dako tsakanin mai kaya da kamfanin jirgi. Sannan wanda take hannunsa ta halastacciyar hanya shi ke da ikon a sakar masa kayan a tashar sauka, kamar mai riƙe da mabuɗin sito. Kowane gurbi da za ka cike a jikinta ɗaya daga cikin ayyukan nan yake yi, kuma idan ka san wanne ne, za ka gane irin asarar da kuskure a wurin zai jawo.

Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe. Mai sayarwa zai tura kwantena ɗaya mai ƙafa 20, cikinta akwai katan 600 na ƙananan injinan jan ruwa, kowane katan kilo 20, jimla kilo 12,000. Mai saye zai biya ta takardar lamunin banki, wato alkawarin da bankinsa ya yi na biyan mai sayarwa idan ya kawo takardun da aka sharɗanta. Takardar ta ce ranar ƙarshe ta lodi ita ce 15 ga Maris, kuma lamunin zai ƙare 30 ga Maris. Kai ne ma'aikacin mai sayarwa da aka ɗora wa takardun.

Abubuwan da za ka tanada

- Yarjejeniyar ciniki, musamman wurin da aka faɗi wanda zai biya kuɗin dako
- Kwafin takardar lamunin banki cikakkiya, har da duk wani gyara da aka yi mata daga baya
- Takardar kuɗin kaya da jerin kayan da aka cusa a kwantena
- Takardar da kamfanin jirgi ya tabbatar maka da gurbi a jirgi, mai ɗauke da sunan jirgin da lokacin rufe karɓar bayanai
- Lambar kwantena da lambar hatimin da aka kulle ta da shi, tare da hotunansu
- Tabbataccen nauyin kwantenar bayan an cika ta
- Sharuɗɗan kamfanin jirgin da ake bugawa a bayan takardar

Nauyin nan dole ne. Tun 1 ga Yuli 2016 yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta hana a ɗora cikakkiyar kwantena a jirgi sai mai turawa ya bayar da tabbataccen nauyinta. Idan babu sikelin da zai auna kwantenar gaba ɗaya, an yarda a auna katan-katan da katakon shimfiɗa da duk abin da aka saka, a haɗa da nauyin kwantenar da ke rubuce a ƙofarta.

1. Ka zaɓi irin takardar tun kafin ka aika bayanai

A nan ake yanke maganar wanda zai mallaki ikon kayan yayin da suke kan teku, kuma a gurbi ɗaya ake yanke ta, wato gurbin mai karɓa, wanda aka rubuta wa Consignee.

Idan ka sa sunan mai saye kai tsaye, takardar ta zama tasa shi kaɗai, ba a iya miƙa ta ga wani ta hanyar sa hannu a baya. Idan ka rubuta To order kawai, ko To order of shipper, ikon yana hannun mai turawa har sai ya sa hannu a bayanta ya miƙa. Idan ka rubuta To order of tare da sunan bankin mai saye, to ba wanda zai fitar da kayan sai bankin ya sa hannu. A misalinmu ba ka da zaɓi: abin da takardar lamuni ta faɗa shi za ka rubuta, harafi da harafi.

Inda babu banki a tsakani ne zaɓin ke dawowa gare ka, kuma a nan sababbi ke yawan faɗawa. Mai saye ya biya kashi uku cikin goma, ya ce zai cika sauran idan ya ga kwafin takarda, sai a rubuta sunansa kai tsaye da tunanin cewa tun da takardun lodi na asali suna hannu, kaya ba sa fita. Wannan ya dogara da dokar ƙasar da za a sauke. A dokar Ingila, tun hukuncin shari'ar jirgin Rafaela S a 2005, ana ɗaukar cewa ita ma irin wannan takarda sai an gabatar da ita. A dokar Amurka kuwa, kamfanin jirgi na iya sakar wa wanda aka ambata kayansa ba tare da ya nuna ta asali ba. Saboda haka ni dai ba na shawartar kowa ya sa sunan mai saye kai tsaye matuƙar akwai kuɗin da bai shigo ba. A rubuta To order, a sa sunansa a gurbin wanda za a sanar idan jirgi ya iso, wato Notify party. Shiga wannan gurbin bai ba shi ikon komai a kan kaya ba.

Idan kuwa an riga an biya ka duka, ko kamfaninku ne ke tura wa reshensa, ba ka bukatar wahalar takardar mallaka. Nemi Sea Waybill. Ita rasit ce kuma shaidar yarjejeniya ce, amma ba ta ɗauke da ikon kaya, mai karɓa zai nuna shaidar ko shi wane ne kawai ya karɓa.

Ka kuma tambayi wanda zai ba ka takardar. Idan ta hannun ejan mai haɗa dako ka bi, sau da yawa tasa takardar zai ba ka, shi kuma kamfanin jirgi ya ba shi babbar takarda da sunansa. Taka tana aiki, amma ejan ne abokin yarjejeniyarka. Idan bai biya kamfanin jirgi ba, ana iya riƙe kwantenar ko da mai saye yana riƙe da takardar ejan a hannu.

2. Aika bayanan kaya ga kamfanin jirgi

Kamfanin jirgi bai ga cikin kwantenarka ba. Abin da ka shigar masa shi zai buga, kuma a ƙarƙashin dokokin Hague da Hague-Visby, wato dokokin ƙasa da ƙasa na dakon kaya a teku, mai turawa ne ke da alhakin ingancin alamomi da adadi da nauyin da ya bayar. Idan ƙaryar bayani ta jawo wa kamfanin asara, a kanka zai dawo.

Gurbin bayanin kaya a misalinmu zai kasance kamar haka:

```
1 x 20' CONTAINER SAID TO CONTAIN
600 CARTONS ELECTRIC WATER PUMPS
GROSS WEIGHT 12,000 KGS
SHIPPER'S LOAD, STOW AND COUNT
```

Layin farko da na ƙarshe kamfanin jirgi ne ke ƙara su. Ma'anarsu ita ce, an ce mana ga abin da ke ciki, mai kaya ne ya loda ya ƙirga. Kada su tayar maka da hankali, bankuna suna karɓar takarda mai irin waɗannan kalmomin. Amma suna rage ƙarfin rasit ɗin: kamfanin ya amsa cewa ya karɓi kwantena ɗaya a kulle da hatimi mai lamba kaza, bai amsa cewa ya ƙirga katan 600 ba. Shi ya sa hotunan lodi da takardar wanda ya ƙirga a sito suke da amfani ranar da aka ce kaya sun ragu.

Layi na biyu shi ne wanda nake so ka daɗe a kansa, domin kuɗi mai yawa na rataye da shi. Ba kullum kamfanin jirgi ke biyan cikakkiyar diyya ba idan kaya suka salwanta, akwai iyakar da doka ta yanka masa. A dokokin Hague-Visby iyakar ita ce SDR 666.67 a kan kowane ƙunshi, ko SDR 2 a kan kowane kilo, wanda ya fi yawa a cikinsu. SDR ma'aunin lissafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ana juya shi zuwa kowane kuɗi. Dokar ta kuma ce idan kaya suna cikin kwantena, adadin ƙunshin da aka lissafa a jikin takardar shi ake ƙirgawa, idan ba a lissafa ba kuwa kwantenar duka ƙunshi ɗaya ce.

To ka ɗauka kwantenarmu ta faɗa teku ta hanyar da kamfanin ke da laifi. Idan takarda ta ce kwantena ɗaya ta injinan ruwa kawai, lissafin ƙunshi zai ba da 666.67, na nauyi zai ba da 12,000 sau 2, wato 24,000, sai a tsaya a 24,000. Idan ta ce katan 600, lissafin ƙunshi ya zama 600 sau 666.67, wato SDR 400,002. Kwantena ɗaya ce, kaya ɗaya ne, bambancin kalmomi biyu ne da mai cika takarda ya sa ko ya bari. Wannan iyaka ce kawai, ba wai za a biya ka ita ba, abin da ka tabbatar ka yi asara shi za a biya. Kuma idan ka jera katan ɗin a kan katako 20 ka rubuta katako 20 kaɗai, ka buɗe ƙofar a ce ƙunshinka 20 ne. Rubuta duka biyun: katako 20 masu ɗauke da katan 600.

Lambar kwantena haruffa huɗu ce da lambobi bakwai, ta ƙarshe lambar tantancewa ce. Ka kwafe ta daga hoton ƙofar kwantenar, kada ka karɓe ta a baki ta waya. Haka lambar hatimi.

Saura gurbin kuɗin dako. Idan sharaɗin isar da kaya da ke cikin yarjejeniyar ciniki CFR ne ko CIF, mai sayarwa ke biya, takarda ta ce Freight prepaid. Idan FOB ne, mai saye ke biya, ta ce Freight collect. Kamfanin jirgi ba zai saki takarda mai cewa an biya ba sai kuɗin ya shigo masa, sai dai in kuna da tsarin bashi da shi, don haka ka shirya biyan tun kafin jirgi ya tashi.

3. Duba daftari

Kamfanin zai turo maka daftari kafin ya buga ta asali. Buga shi a takarda, ka ajiye shi gefe da gefe da takardar lamuni, ka bi layi-layi da biro. Sunaye da adireshi, tashar lodi da tashar sauka, sunan jirgi, adadi, nauyi, alamomin da ke jikin katan. Bayanin kaya a takardar lodi yana iya zama a dunƙule, ba dole ya yi tsawon na takardar kuɗin kaya ba, amma kada ya saɓa mata. Idan jerin kaya ya ce kilo 12,000, daftari ya ce 12,200, banki zai kama.

Gyara a wannan lokacin yana da sauƙi. Bayan an buga ta asali kuma an aika jerin kayan jirgi ga kwastan na ƙasar sauka, gyaran harafi ɗaya na iya zuwa da caji, wani lokaci da tara, kuma sai ka mayar da duk na asalin da aka ba ka kafin a sake bugawa.

4. Karanta bayan takardar

Ƙananan rubutun baya su ne sharuɗɗan dako. Yarjejeniyar kanta an ƙulla ta tun lokacin da ka nemi gurbi aka ba ka, takardar shaida ce a kanta, shi ya sa tsakaninka da kamfanin jirgi wani alkawari da kuka yi kafin lodi zai iya rinjayar abin da aka buga. Amma da zarar ta koma hannun mai saye ko banki, abin da ke rubuce shi ne yarjejeniyar, domin su ba su san abin da kuka tattauna ba. Saboda haka idan an yi maka alkawarin jirgi zai tafi kai tsaye ba sauyin jirgi a hanya, ko an ƙara wa mai saye kwanakin riƙe kwantena kyauta, ka nemi a rubuta a fuskar takardar.

Ba sai ka haddace sharuɗɗan duka ba. Nemi wanda ya faɗi dokar da ke aiki. Akwai dokokin Hague na 1924, da Hague-Visby da suka gyara su a 1968, da dokokin Hamburg na 1978, kuma kowace ƙasa da wanda ta ɗauka. Dokar ƙasar lodi ko ta sauka na iya tilasta ɗaya ko da takardar ta ambaci wata. A Hamburg iyakar diyya SDR 835 ce a kan ƙunshi ko 2.5 a kan kilo, a dokar Amurka ta 1936 kuma dala 500 ce a kan ƙunshi. Sai ka duba kotun ƙasar da aka ce nan za a kai ƙara, da sharaɗin da ya ba kamfanin damar riƙe kaya saboda bashin dako. Duk wanda ya karanta waɗannan zai gane cewa takardar lodi ba ta maye gurbin inshorar kaya, domin ban da iyakar diyya akwai dalilai da dama da ke wanke kamfanin gaba ɗaya.

5. Ranar lodi da tsabtar takarda

Akwai takardar da ke cewa an karɓi kaya domin a loda, akwai wadda ke cewa an loda su a jirgi. Banki ta biyun yake so. Idan an buga takardar ranar 10 ga Maris lokacin da kwantena ke filin tasha, sai an ƙara mata tambarin Shipped on board mai kwanan wata, kuma wannan kwanan shi ne ranar lodi a idon banki. A misalinmu an loda 12 ga Maris, kwana uku kafin wa'adi, lafiya lau.

Yanzu ka ɗauka jirgin ya cika aka bar kwantenarka, ta hau na gaba ranar 17. Za a samu mai ce maka ai ana iya roƙon ejan kamfanin jirgi ya buga 15. Kada ka yarda. Sa kwanan watan ƙarya zamba ce ga banki da mai saye, kuma tana saurin tonuwa, tun da kowa na iya duba ranar da jirgi ya shiga tasha da ranar da ya fita. Hanyar da ta dace ita ce ka kira mai saye a ranar, ya nemi bankinsa ya tsawaita wa'adin lodi da na ƙarewar lamuni. Idan lokaci ya ƙure, a gabatar da takardun da saɓaninsu a nemi mai saye ya amince, sai dai a wannan halin tabbacin biyan banki ya faɗi, kana jiran yardarsa ne.

Tsabtatacciyar takarda ita ce wadda babu wani rubutu a kanta da ke cewa kayan ko mazubinsu na da aibi. Ba dole kalmar Clean ta bayyana ba, rashin ambaton aibi ya isa. Idan aka rubuta cewa kwantenar ta lotse a gefe ko rufinta ya huje, banki zai ƙi takardar. Maganin shi ne ka duba kwantenar tun tana fanko: ka shiga ciki a rufe ƙofa, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo, sai ka mayar da ita a sauya maka.

Wasu kan ba kamfanin jirgi takardar alkawarin biyan diyya domin ya rufe ido ya ba da tsabtatacciyar takarda. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne, a dokokin Hague-Visby, idan takarda ta shiga hannun wani da ya karɓe ta da kyakkyawar niyya, kamfanin ba shi da damar kawo hujjar cewa abin da ya rubuta ba gaskiya ba ne. Mai saye ya biya ne bisa wannan rubutun. A 1957 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Brown Jenkinson da Percy Dalton, ta ƙi tilasta irin wannan alkawari da aka bayar a kan gangunan da kowa ya san suna yoyo, domin an gina shi a kan yaudarar mai karɓa.

6. Karɓi na asali, ka ƙirga

Bisa al'adar sana'ar ana buga na asali uku, kuma adadin yana rubuce a jikin takardar. Kowace ɗaya a cikinsu ta isa ta fitar da kaya, kuma da an yi amfani da ɗaya sauran biyun sun mutu. Ka riƙe wannan da kyau: idan ka aika wa mai saye ɗaya don ya fara shiri, ka ba shi kayan ne gaba ɗaya, biyun da suka rage a hannunka ba su tsare komai ba. Kwafi mai tambarin Non-negotiable shi ake aika masa.

Duba sa hannun. Dole sunan kamfanin dako ya fito a matsayin mai dako, kuma idan ejan ne ya sa hannu, ya nuna a madadin wa ya sa, kamfanin ko kyaftin. Wannan na cikin abubuwan da bankuna suka fi mayar da takarda a kansu.

7. Sa hannu a baya da kai wa banki

Idan an rubuta To order ko To order of shipper, sai ka sa tambarin kamfaninku da sa hannu a bayan kowace ta asali. Idan ka tsaya a nan ba ka ambaci kowa ba, duk wanda ta faɗa hannunsa na iya gabatar da ita, don haka ka tsare ta kamar tsabar kuɗi. Idan ka rubuta a miƙa ga umarnin wane sannan ka sa hannu, shi kaɗai ne zai iya karɓa ko ya miƙa gaba. Takardar lamuni za ta faɗi wanda take so. Idan kuwa tun farko da umarnin banki aka rubuta ta, ba kai ke sa hannu ba, bankin ne.

Ƙa'idojin UCP 600 da bankuna ke bi sun ba da kwana 21 daga ranar lodi a gabatar da takardu, in lamunin bai faɗi wani adadi ba, kuma kada a wuce ranar ƙarewarsa. Daga 12 ga Maris, kwana 21 ya kai 2 ga Afrilu, amma lamuninmu ya ƙare 30 ga Maris, to 30 ga Maris ne wa'adinka. Kada ka jira shi. Banki na da kwanakin aiki biyar na dubawa, kuma idan ya samu kuskure kana bukatar sauran lokacin da za ka gyara ka sake kaiwa.

Akwai iyaka biyu ga ikon wannan takarda da ya kamata ka sani. Miƙa ta yana miƙa ikon karɓar kaya, amma lokacin da mallaka kanta ke komawa ga mai saye yarjejeniyar ciniki ce ke faɗa. Banki da ke riƙe da ita jingina yake riƙe da ita, bai sayi injinan ruwa ba. Na biyu, a dokokin ƙasashe da yawa wanda ya karɓe ta daga hannun ɓarawo bai samu haƙƙin da ɓarawon ba shi da shi ba.

Inda babu banki, aika takardun da kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya, kuma a raba su gida biyu, kada su tafi a ambulan ɗaya. Idan an biya ka kuma jirgi ya kusa isa, akwai hanya mafi sauri: ka mayar wa kamfanin jirgi duka ukun a tashar lodi, ka ba shi umarni a rubuce, shi kuma ya sanar da ofishinsa na can ya saki kaya. Wannan shi ne Telex release. Ba ya warwaruwa bayan kaya sun fita, don haka ka tabbatar kuɗi ya zauna a asusu, kada ka dogara da hoton rasit ɗin banki. Akwai kuma takardar lodi ta lantarki, wadda ƙasashe irin su Birtaniya suka ba ta matsayin ta takarda a dokar 2023, amma sai duk masu hannu a cinikin, har da bankunan, suna kan manhajar da za a yi amfani da ita.

8. A tashar sauka

Yanzu mun koma ɓangaren mai saye. Ya biya bankinsa ko sun daidaita, bankin ya sa hannu a baya da sunansa ya ba shi takardun. Zai kai ta asali ɗaya ofishin kamfanin jirgi, su bi jerin sa hannun su ga bai yanke ba daga mai turawa zuwa gare shi, ya biya cajin da ke kansa, su ba shi takardar izinin fitar da kaya. Aikin kwastan daban ne, yana tafiya a gefe.

A gajeriyar tafiya jirgi kan riga takardu isowa, kuɗin jinkirin kwantena ya fara taruwa. Kamfanin ba zai saki kaya don ganin kwafi ba, domin idan ya ba wanda ba shi ne mai takarda ba, shi zai biya, kuma ƙungiyoyin inshorar masu jirage ba sa ɗaukar irin wannan asarar. Abin da zai iya karɓa, in ya ga dama, shi ne takardar alkawarin diyya wadda banki ya sa hannu tare da mai saye. Wannan halas ce, ba irin ta mataki na biyar ba, domin ba a yaudari kowa da ita ba. Sai dai mai saye ya sani cewa bayan bankinsa ya tsaya masa haka, a yawancin lokuta ya rasa damar ƙin takardun idan suka iso da saɓani. Da takardar asali ta iso, a kai wa kamfanin a karɓo alkawarin a soke shi.

Idan takardun sun ɓace ne gaba ɗaya, a sanar da kamfanin jirgi a rubuce nan take domin ya dakatar da sakin kaya. Zai nemi lamuni mai nauyi, wanda kan wuce darajar kayan kuma ya daɗe a riƙe, kafin ya sake bugawa ko ya saki.

9. Duba kaya kafin ka sa hannun karɓa

A nan takardar ke komawa aikinta na rasit. Kafin a yanke hatimi, a gwada lambarsa da wadda ke jikin takarda, a ɗauki hoto. A zagaya kwantenar a duba lotsewa da huji da alamar ruwa a ƙasan ƙofa. Duk abin da ido ya gani a rubuta shi a takardar karɓa a lokacin, gaban ma'aikacin tasha.

Ka ɗauka hatimi ya dace, jikin kwantena lafiya, amma da aka buɗe a sito aka tarar katan 40 na layin sama sun jiƙe, akwai ɗan huji a rufi. A dakatar da sauke kaya, a ɗauki hotuna, a kira mai binciken kamfanin inshora, a gayyaci kamfanin jirgi ya turo nasa. A dokokin Hague-Visby ɓarnar da ba ta bayyana a waje ba kwana uku ake da su a sanar a rubuce, a Hamburg kwana 15. Wuce wannan lokacin bai kashe haƙƙinka ba, amma za a ɗauka an ba ka kaya lafiya, kai ne za ka tabbatar da akasin haka. Tsabtatacciyar takardar da aka bayar a tashar lodi ita ce hujjarka ta farko cewa hujin ya faru ne a hannun kamfanin.

Wa'adin shigar da ƙara shi ne ba ya yafiya: shekara ɗaya daga ranar da aka miƙa kaya a dokokin Hague da Hague-Visby, shekara biyu a Hamburg. Musayar wasiƙu da kamfanin ba ta tsayar da wannan ƙirga. Idan wata tara ya wuce ba a daidaita ba, ka nemi kamfanin ya ba ka ƙarin wa'adi a rubuce, in ya ƙi ko ya yi shiru, ka miƙa fayil ɗin ga lauya ko kamfanin inshorarka tun da sauran lokaci, tare da kwafin takardar lodi gaba da baya, da takardar karɓa, da rahoton mai bincike.